Tallar Umara: abin da ya kamata a rubuta ƙarƙashin hoton Ka'aba

Da an shiga watan Rajab, tallar Umara za ta fara yawo a wayoyin mutanen Katsina. Hoton Ka'aba, hoton jirgi, farashi da manyan lambobi, sai a ƙasa a rubuta: "Ana iya biya kashi-kashi. A kawo fasfo. Kujeru kaɗan suka rage." Sai lambar waya. Ni a ganina wannan ɗan rubutun na ƙasa shi ne ya fi komai muhimmanci a takardar, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk rigimar da za ta ɓarke tsakanin mai niyya da kamfanin jirgin yawo ana saura mako guda a tashi, in ka bi sawunta za ka tarar daga nan ta samo asali.

Dalilina shi ne, yawancin masu biyan kuɗin nan ba sa ganin wata yarjejeniya bayan wannan talla. Hajiyar da ta yi shekara tana zubin adashi a Ƙofar Ƙaura, ko dattijon da ya sayar da bijimai a kasuwar Mai'aduwa, abin da ɗansu ya karanto masu daga waya shi ne iyakar abin da suka sani game da cinikin. Saboda haka rubutun nan alkawari ne, kuma ya kamata mai rubuta shi ya san alkawari yake ɗauka.

"Kashi-kashi" kawai ba tsari ba ne. Kashi nawa? Wace rana? Kowane kashi me zai saya? Kamfani ba ya ajiye kuɗinka a akwati har ranar tafiya. Wurare uku yake kai su, kuma kowane wuri da lokacinsa. Akwai kujerar jirgi, wadda ake kamawa da wuri domin farashinta na hawa yayin da azumi ke matsowa. Akwai masauki a Makka da Madina, wanda da riyal ake biya. Akwai biza da motocin da za su yi jigila tsakanin Jidda da Makka da Madina, su ma da kuɗin waje ne. Tun watan Yunin 2025 hukumomin Saudiyya suka ɗaure bizar Umara da masauki: sai an tabbatar da kama otal a manhajarsu ta Nusuk kafin bizar ta fito. Ma'anar wannan ga mai biya ita ce, wanda ya jinkirta kashin masauki ya jinkirta bizarsa da hannunsa, ko da ya daɗe da biyan kuɗin jirgi. Me zai hana talla ta faɗi haka a layi ɗaya?

Mu ɗauki misali, lambobin nan na kwatance ne kawai. A ce kujerar naira 4,500,000 ce, za a tashi daga Kano ranar 1 ga Maris. Talla mai gaskiya za ta ce: kafin alƙalami naira 1,500,000 zuwa 15 ga Disamba, na kama kujerar jirgi ne. Kashi na biyu naira 2,000,000 zuwa 15 ga Janairu, na masauki ne. Cikon naira 1,000,000 zuwa 5 ga Fabrairu, na biza da motoci da sauran hidima. Wanda ya karanta wannan ya san ranar da zai kai dabbarsa kasuwa, ya san lokacin da zai roƙi uwar adashi ta ba shi kwasa. In ya ga ba zai iya cika ranakun ba, sai ya haƙura tun bai zuba ko sisi ba.

To ga inda aka fi cutuwa. A cikin wannan naira 4,500,000, a ce abin da za a kashe a Saudiyya riyal 6,000 ne, kuma kamfani ya yi lissafinsa a kan naira 400 kowane riyal. Wato naira 2,400,000 ke nan. In kafin ranar kashi na biyu riyal ya koma naira 430, wannan riyal 6,000 ya zama naira 2,580,000. An samu giɓin naira 180,000 a kan mutum ɗaya. In miji da mata da uwar miji ne za su tafi, giɓin ya kai naira 540,000. Wa zai cike shi? Wannan ba tsoratarwa ba ce. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kowace dala, don haka duk motsin da dala ta yi a nan, riyal na biye da ita. Kowa ya tuna abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023: dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024.

Ban ce kamfani ya ɗauki asarar canji shi kaɗai ba, ɗan kasuwa ne, ba sadaka ya buɗe ba. Abin da nake cewa shi ne ya zaɓi ɗaya ya rubuta. Ko dai ya ce "farashi ya tsaya ga duk wanda ya biya a kan lokaci", ya sayi riyal ɗinsa da wuri. Ko kuma ya ce "an yi lissafi a kan naira 400, in canji ya motsa za a daidaita cikon ƙarshe, sama ko ƙasa". A lura da "ko ƙasa" ɗin nan. In ƙari na hawa kan mai niyya lokacin da riyal ya tashi, to ragi ma haƙƙinsa ne lokacin da ya sauka. Abin da ba na yarda da shi shi ne a yi shiru, sai mutum ya biya kashi biyu, ba shi da hanyar ja da baya, sannan a kira shi a ce Alhaji sai ka ƙaro.

Haka nan maganar fasa tafiya. Rashin lafiya na zuwa, rasuwa na faruwa, biza ma tana iya ƙin fitowa. Kuɗin bizar da aka riga aka biya ba ya dawowa, tikitin rukuni ma sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa duka. To a rubuta: wanda ya fasa kafin rana kaza za a mayar masa da kaza, bayan an nemi biza kaza ne ba ya dawowa. Kuma a sa asusun banki mai sunan kamfanin, ba sunan wani yaron ofis ba, a ba da rasit a kowane biya. A sa shaidar lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, domin ita ce ke ba kamfanoni izinin wannan sana'a.

Sai takardu, kuma a nan ra'ayina ya saɓa da yadda ake yi. Kamata ya yi a duba takardu kafin a karɓi kafin alƙalami. Talla tana cewa "a kawo fasfo", sai mutum ya ɗauka in dai littafin na hannunsa kuma bai mutu ba, ya gama. Saudiyya tana so fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida daga ranar shiga ƙasar. A misalinmu, mai tashi 1 ga Maris dole fasfonsa ya kai 1 ga Satumba. In zai ƙare 15 ga Agusta, fasfon na da rai amma ba zai kai shi Umara ba, saboda gazawar kwana goma sha bakwai. In an gano haka a Disamba, akwai lokacin zuwa ofishin shige da fice a sabunta. In sai a Fabrairu aka gano, bayan an kama jirgi da otal, kuɗin mutum ne ke cikin haɗari.

Sabuntawar ma tana da nata ƙaya. Yanzu ba a yin fasfo sai da lambar NIN, kuma dole suna da ranar haihuwa su yi daidai a wuraren biyu. Mu kuwa mun san yadda sunayenmu suke a takardu: nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, nan an sa sunan uba, can sunan gari, matar aure kuma takarda ɗaya da sunan mahaifinta, ɗaya da na mijinta. Gyaran wannan yana cin lokaci. Kuma sunan da ke kan tikiti da biza tilas ya bi na fasfo harafi da harafi. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba ejan ya rubuta sunan mutum daga abin da aka faɗa masa a waya. Hoton shafin bayanai na fasfo, mai haske, wanda layuka biyun nan na ƙasa suka fito sarai, shi ya kamata talla ta nema tun ranar farko, tare da hoton fuska mai farin bango.

Katin rigakafi shi ne abin da kusan ba na gani a tallolin nan. Mai zuwa daga Najeriya ana neman shaidar allurar zazzaɓin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, da ta sanƙarau mai kariya daga nau'i huɗu, da rigakafin shan inna. Allurar shawara da ta sanƙarau sai sun kwana goma a jiki kafin a karɓi shaidarsu. Mai tashi 1 ga Maris da ya je aka yi masa allura 25 ga Fabrairu, katinsa na gaske ne amma bai cika sharaɗi ba. Wannan matsewar lokacin ce ke tura mutane sayen katin da ba a yi allurarsa ba, alhali mu a nan arewa mun san abin da sanƙarau ke yi lokacin zafi, balle a cunkoson ɗawafi cikin azumi. Layi ɗaya a talla, "a yi allura kafin 15 ga Fabrairu", ya isa ya hana wannan. In da ƙananan yara a tafiyar, a ƙara da takardar haihuwarsu da fasfon kowane yaro daban.

Na san abin da masu kamfanoni za su ce: Malam, talla ba littafi ba ce, in ta yi tsawo ba mai karantawa. Gaskiya ne hoton ba zai ɗauki komai ba. Amma rubutun da ke ƙarƙashinsa a Facebook ko WhatsApp yana da fili. Duk abin da na lissafa bai wuce layi goma sha biyu ba: ranar tashi da filin jirgin da za a tashi, ko kai tsaye ne ko za a yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa, sunan otal da unguwarsa, domin a Makka unguwar Misfala da ke kusa da Harami daban, Aziziyya mai nisa daban ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, mutum nawa a ɗaki, da abinci ko babu, ranakun biya uku, farashin riyal, sharaɗin fasawa, da takardu tare da ranar rufe karɓarsu. A rubuta shi da Hausa, a kuma karanta shi a saƙon murya saboda iyayenmu da ba sa karatun boko. In fili ya yi kaɗan, a cire "kujeru kaɗan suka rage", a sa ranar da fasfo ya kamata ya kai a gurbinsa.