Barka da Saukar da Na Kai Yakasai

Kun dai san baban mutuniyar ya sauka daga Makka ranar Talata. Ita ta matsa mini in je in yi barka, wai ta haka zai san da zamana. Na sa shaddata ta Sallah, na ɗauki abokina na Kwari, muka hau adaidaita sai Yakasai. Sau ɗaya na taɓa ganin mutumin, shi ma daga nesa, yana shiga mota.

Zaure cike, ga ba wuta, takalma har bakin kwata. Ina shiga na hango dattijo a tsakiyar darduma, farar jallabiya sabuwa dal ko karinta bai fita ba, jan hirami a kafaɗa, carbi mai ƙyalli a hannu, yana ta tari. Na ce a raina, tarin Makka ke nan, ba sai an nuna mini ba. Na tsallake mutane na zube a gabansa, na kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba barka da sauka. An dawo lafiya? Ya hanya, ya ibada? Ya aka baro Madina?"

Ya ce, "Uhm."

Na ɗauka gajiya ce. Na ƙara murya don na baya su ji irin tarbiyyata. "Allah ya karɓa, ya sa mabrur ne. Wallahi Baba har hasken wurin ya nuna a fuskarku. Yadda aka yi bana, Allah ya maimaita muku baɗi!"

Zauren ya yi tsit. Abokina yana ta jan gefen rigata, ni kuwa ina ture hannunsa, don ban gama ba, saura in roƙi a sa mu a addu'a. Dattijon ya zare hannunsa a hankali, ya dube ni, ya ce, "Yaro, ba amin ba."

Ashe yayan Alhajin ne. Tare suka biya kujera, ya yi bankwana da unguwa, har sansanin alhazai aka raka shi da jaka, biza ta ƙi fitowa, ya dawo gida ya yi layyarsa. Jallabiyar da hiramin tsarabar lallashi ce ƙanensa ya kawo masa, tarin kuwa mura ce ta damina. Shi na tsaya a gaban jama'a ina roƙa wa maimaici.

Alhajin gaske yana can lungu, jingine da bango, cikin tsohuwar riga. Ya yi baƙi, ya rame, kai ƙwal, tafin ƙafa duk ya tsage. Mutumin da ya yi kusan kwana arba'in a can, ya yini a Arfa, ya kwana a ƙasa a Muzdalifa, ya yi ta sintiri a ƙafa daga tantin Mina zuwa wurin jifa cikin wannan rana, ina zai samu ƙyalli? Muryarsa ma ta dishe, da hannu ya yafito ni. Na ja gwiwa na isa, amma duk gaisuwar na riga na ƙarar da ita a kan yayansa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ina wuni." Ƙarfe goman safe.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wannan mai gyaran rediyon na bakin masallaci, kun san shi. Bai taɓa wuce Zariya ba, amma duk gidan da alhaji ya sauka yana sahun gaba, yana gyara wa mutane yadda ake shan zamzam: a fuskanci alƙibla, a yi bisimilla, a sha da numfashi uku. Lita biyar ake ba kowane alhaji, ita za a raba wa dangi da unguwa, shi ya sa ake zubawa a ɗan kofin da bai fi murfin fulas ba. Shi sai ya sha, ya zagaya ta ƙofar baya ya sake zama. Dabino ma tsinta yake, ya ware ajwa baƙaƙen nan ya zuba a aljihu, ya bar wa mutane busassun. Carbi kuwa ya juya shi ya ce wannan a Kurmi aka saya. Shi ne ya fara fashewa da dariya, har da buga cinya, yana cewa, "Maimaita masa, samari, bai ji ba!" Ina bin sa kuɗin batir tun azumi, ko kunya.

Da kofin ya iso kaina hannuna na rawa, rabi ya zube a shaddar. Ya ce ai rigar ta fi ni rabo.

Aka ba ni hula da dabino uku a leda. Hular ba ta shige ni ba. Mutuniyar ta kira da daddare tana dariya har da shaƙewa, ta ce a cikin gida yanzu sunana Allah Maimaita, kuma Baffan nan shi ne waliyyinta. Abokina ya ce in kai masa lemo in ba da haƙuri, amma an ce likita ya hana shi zaƙi, to ban dai je ba tukuna.