In tsoho ya ce yana ganin jiri, a auna shi kwance da tsaye

'Yan'uwana matasa masu kula da iyaye, ku daina cewa "tsufa ne" duk sanda Baba ko Inna suka miƙe suka dafa bango. Raina yana ɓaci in na ji wannan magana, domin sau da yawa maganin hawan jinin da muke saya musu ne ke jawo jirin.

In mutum ya miƙe, jini yakan gangara ƙafafu, jijiyoyi su matse nan take su mayar da shi sama. Jikin tsoho ba ya saurin yin haka, ga kuma ƙwaya tana sassauta jijiyoyin ko tana rage ruwan jiki ta fitsari, kamar Moduretic. Sai jini ya gaza isa kai, ido ya yi duhu.

Kawuna a Jega ya haura saba'in. A zafin Afrilu ya tashi alwalar Asuba, ya faɗi kan butarsa, goshi ya fashe. An yi masa awon hawan jini a zaune a kemis, aka ce lafiya lau. To ai awon zaune ba ya tona wannan matsala.

Ga yadda aka yi masa a asibiti. Ya kwanta minti 5 shiru, aka auna: 150/90. Ya miƙe, mutum na tsaye kusa da shi saboda faɗuwa, an tallafe hannunsa daidai ƙirji. Bayan minti 1 awo ya nuna 126/84, bayan minti 3 kuma 122/82. Sai a ɗebe na tsaye daga na kwance. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10 ko fiye, cikin minti 3 da miƙewa, jini yana faɗuwa ke nan. Ta Kawu ta sama ta sauka da 28. Ta ƙasa 8 kawai ta ragu, amma ɗaya ta isa.

In kuna da na'ura a gida, ku yi awon da sassafe, lokacin da abin ya fi tsanani, ku rubuta lambobin uku da sa'a, da ko ya ji jiri. Awo ɗaya yana iya fitowa daidai alhali matsalar tana nan, don haka a maimaita wata rana.

Don Allah kada ku tsayar masa da magani da kanku, shanyewar ɓarin jiki ake gudu. Ku kai takardar wurin likita da duk ƙwayoyin da yake sha, har da na matsalar fitsarin maza irin tamsulosin, shi ma yana sauke jini. In kuwa ya suma, ko ƙirji na ciwo, ko baki ya karkace, asibiti za a nufa a lokacin.

Kawu dai likita ya sauya masa maganin hawan jini mai sa fitsarin. Yanzu in ya farka yakan zauna bakin gado ya motsa ƙafafu, ya sha ruwa, sannan ya miƙe.