Memorin da Ya Cinye Bikin 'Yar Goggo

Kuɗin adashen Inna ne, naira dubu talatin cif. Ta ƙirgo ta ba ni a hunturun 2023 da sharaɗi guda: uwar kuɗi tata ce, riba tawa. Ta ce ta gaji da ganina ina bin inuwa daga ƙofar gida zuwa gindin darbejiya. Zancen shago ko tasowa bai yi ba. Shagona jakar goyon da ƙanena ya gama sakandare da ita ce, zif ɗinta ɗaya ma ya mutu.

Kayan waya na zaɓa, don ba sa ruɓewa, ɓera ba ya ci, yaran gida kuma ba sa lasa. Duk wanda ya taɓa kasa sukari da madarar ƙulli a gidan yawa ya san inda riba take shigewa.

Na hau adaidaita sahu sai Fam Senta, kasuwar waya ta Kano. Na shiga wurin wani Alhaji mai sari, na gyara murya na ce a ba ni wayar caja dozin biyu. Bai ko ɗago ba ya ce, "Wane baki?" Ashe baki biyu ne ke tashe. Akwai tsohon baki, mai gefe ɗaya a shafe, wanda sai ka juya shi daidai yake shiga. Akwai kuma wanda aka rubuta wa Type-C a jikin kwali, mai shiga ta kowane gefe. Tsohon naira 400, sabon 650. Na dubi bambancin, na ce a zuba min tsohon duka. Alhaji ya ɗago a karon farko, ya yi min wani murmushi mai taushi, har ya ƙara min guda ɗaya gyara. A lokacin na ɗauka farin jinina ne.

Na haɗa da kan caja guda shida a dubu ɗaiɗai, da gilashin fuskar waya guda ashirin a kan 250. Ina fitowa bakin titi wani saurayi ya ja ni gefe, ya buɗe tafin hannu: memori ne a cikin kwalinsu, an rubuta 32GB ɓaro-ɓaro. Ya ce dubu biyu-biyu, don yana sauri zai kai mahaifiyarsa asibiti. A cikin kasuwa na ji an yi kuɗinsa fiye da haka nesa ba kusa ba. Na karɓi huɗu, har da yi wa gyatumarsa addu'ar samun lafiya.

A cikin adaidaita na yi lissafi a bayan rasit. Kaya sun ci 28,600. In na sayar da waya 800, kan caja 1,800, gilashi 700 har da liƙawa, memori 3,500, zan tashi da 58,000, ban da gyaran da Alhaji ya ƙara min. Kafin mu kai unguwa na riga na kama shago a raina, na sa yara biyu, ina tunanin ko in fara zuwa Legas sari da kaina.

Bayan la'asar na baje kaya a majalisa. Mutane suka yi caa, kowa ya zaro waya. Sai na ga abin da Alhaji yake wa murmushi: duk wanda ke da kuɗin sayen caja nan take, wayarsa sabon baki gare ta. Masu tsohon baki su ne masu 'yar raka-ni-kashi da tsofaffin wayoyi masu fashewar fuska, kuma akasarinsu jawabi ɗaya suka iya: "Kawo, zuwa Juma'a." Ba wanda ya faɗi wace Juma'ar.

Bashi a irin wannan sana'a ba ya zuwa da sunan bashi. Mai shago yana da kanta tsakaninsa da mutane, yana iya nuna takardar da ya manna a bango. Ni kuwa a tabarma ɗaya muke zaune, kwano ɗaya muke cin gurasa. Wanda ya saya maka shayi jiya, da wane ido za ka ce masa sai ya biya? Wani ma ba ya cewa a ba shi bashi, cewa yake bari ya je gida ya gwada. Gwajin nan har yau ana kan yi.

Gilashi kuma nashi salon daban. Kowace waya da girman fuskarta da inda ramin kyamararta yake, kuma kamfani ɗaya ma yana da samfuri barkatai. Na sari iri huɗu, majalisarmu kuwa kusan kowa da irin tasa. Wanda ya dace ɗin ma liƙa shi aiki ne: ka goge fuskar da jiƙaƙƙen ƙyallen da ke cikin kwalin, ka bi da busasshe, ka saita ta sama, ka sake shi ya kwanta da kansa. A ɗaki ke nan. A bakin titi cikin hunturu, tsakanin gogewa da ɗorawa ƙura ta riga ta sauka, kuma ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tayar da kumfar iska a tsakiyar fuska. Ka ɗaga don ka cire, gilashin ya ce ƙas. Mai waya ya ce, "To ai a hannunka ya fashe." Ka ɗauko wani. An sayar da ɗaya, biyu sun tafi.

Kawu ne ya fara ɗaukar kan caja, ya ce ai kayan ɗansa nasa ne. Washegari da sassafe aka aiko in zo. Na tarar da shi a zaune nesa da wayar, tana jone a bango, carbi a hannunsa.

"Kai, zo ka ga abin da ka kawo min gida."

Wallahi wayar ita kaɗai take danna kanta. Ta buɗe wannan, ta rufe wancan, ta rubuta haruffa marasa kai da gindi. Cikin dare, in ji shi, ta kira wani mutum da Kawu yake ɓoye wa saboda kuɗin taki. Na zare cajar, ta natsu. Na mayar, ta ci gaba da harkokinta. Kawu ya ce a kira mai ruƙiyya, na ce a bari in fara kai ta wurin mai gyara.

Mai gyaran ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kan caja mai arha ba ya tace wutar da yake bayarwa, ita kuma fuskar waya da ɗan motsin lantarki take gane yatsa, shi ya sa take ɗaukar hargitsin wutar kamar taɓawa. Ya jona kan cajar a wata 'yar na'ura mai nuna lamba. A jikinsa an rubuta 2A, na'urar ko rabin ɗaya ba ta cika ba. Ya ce in ban da na'ura, in riƙa auna shi a hannu, na banza ba shi da nauyi, yana saurin zafi, wani har ƙara yake yi siririya. In kuma jona waya in duba lambar caji, in sake dubawa bayan minti goma. Alamar caji ta fito ba ita ce caji ba.

Duk wannan sharar fage ne. Babbar magana tana wurin Goggo.

Ita kaɗai ce ta biya ni lakadan, ta sayi memori saboda bikin autarta. Aka sa a wayar jikanta, aka ba shi aikin ɗauka. Yaro ya ɗauki kamu, ya ɗauki wunin biki, ya ɗauki kai amarya har da kukan da Goggo ta yi a bakin mota. Waya ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, kullum tana nuna akwai sauran wuri. Bayan an watse, dangi suka taru a tsakar gida za a kalla. Na farko ya buɗe: 'yan mata suna tankaɗen gari. Na biyu ya buɗe: an kama akuya ana ɗaurewa. Daga nan sai baƙin allo. Sunan kowane bidiyo yana nan, girmansa yana nan, amma ka danna ba komai. Biki guda, abin da ya tsira tankaɗe da akuya.

Aka aiko yaro ya kira ni, kuma daga yadda ya ƙi haɗa ido da ni na san ba tuwon biki za a ba ni ba.

"Ɗan nan, ina bikin 'yata?"

"Goggo, yana ciki."

"To fito da shi."

Na kwashi memorin zuwa shagon wani mai kwamfuta. Ya sa shi a wata manhaja mai suna H2testw, wadda take cika memori da bayanai har baki sannan ta karanto su ta gani ko suna nan. Da ta gama ya juyo min da allo: abin da yake ɗauka na gaskiya bai kai giga huɗu ba. Ya ce ƙaramin memori ake samu a sauya bayanin da yake ba waya, sai ya riƙa cewa shi 32 ne. Waya kuma ba ta musu, abin da aka faɗa mata take nunawa. Muddin ba a wuce ainihin cikinsa ba lafiya lau yake aiki, shi ya sa gwajin hoto biyu a bakin titi ba ya tona shi. Da an wuce, sauran ya bi iska, suna kawai ake rubutawa. Mai sari in ba shi da kwamfuta, sai ya ɗura wa guda ɗaya manyan bidiyo har ya cika, ya cire, ya mayar, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Na ce to a dawo min da bikin ko nawa ne. Ya ce abin da ba a taɓa ajiyewa ba, daga ina za a dawo da shi?

Na koma bakin titin nan neman saurayin. Mai rake da ke wurin ya ce ya san shi sarai, ai shekara biyu ke nan kullum yana hanyar kai mahaifiyarsa asibiti.

Na mayar wa Goggo 3,500 ɗinta, sannan na bi gidajen ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya ina roƙon abin da suka ɗauka a wayoyinsu. Abin da na tattaro yawanci fuskokinsu ne suna turo baki, amarya can a baya rabin kai. Goggo ta kalla ta ce ba laifi, amma har gobe in na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, mai akuya."

Wayoyin cajar da suka yi kwantai, mai gyaran nan ne ya ce in kai kasuwar Wudil ranar Juma'a, can masu ƙananan wayoyi suke da yawa kuma da kuɗi a hannu suke ciniki. Gaskiyarsa. Na sayar da su 600 maimakon 800, suka tafi kafin la'asar, sai dai kuɗin mota zuwa da dawowa da ɗan abin da na sa a ciki sun ɗauke ribar suka bar min gajiya.

Da daddare Inna ta shimfiɗa tabarma ta ce a yi lissafi. Na zazzage jaka: naira dubu goma sha ɗaya da 'yan canji, gilashi tara da ba a san wayarsu ba, memori uku da ko kyauta ba na iya bayarwa, da takarda mai sunayen mutanen Juma'a. Ta karɓi takardar ta miƙa wa ƙanena ya karanto mata. Da aka zo kan sunan Kawu ta ce a tsaya, ta yafa mayafi ta fita, don ƙaninta ne, ita ba ta jin nauyinsa.

Ba a jima ba ta dawo, ba kuɗi a hannunta sai kan cajar. Ta ajiye min a gabana ta ce, "Ya ce a canza masa da marar aljanu. Kuma in ka koma sari, ka taho masa da fawa banki, zai biya gaba ɗaya."