Yadda Kwamfutata Ta Ƙi Yarda Cewa Ni Ne Ni

A wurin aikinmu akwai dokar cewa kowane ma'aikaci ya sauya kalmar sirrinsa duk bayan kwana 90, kuma ni mutum ne mai bin doka, don haka da saƙon tuni ya shigo ranar Alhamis sai na shiga shafin kamfani ta wayata na sauya, ina zaune a ƙaramin ofishinmu na Gombe. Hedikwatarmu tana Bauchi, duk manyan na'urorin ajiya suna can, kuma mu na Gombe ba mu da hanyar kaiwa ga takardun aiki sai ta VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke haɗa kwamfutar mutum da ta kamfani ta cikin intanet.

Da safiyar Juma'a na buɗe kwamfutar, na rubuta sabuwar kalma, ta ce ba ta san ta ba. Na rubuta tsohuwar da na yi bankwana da ita, ta buɗe nan take. Na yi murmushi na ɗauka cewa sauyin bai kama ba, na danna Connect na VPN, sai ta fito da lamba 691 da bayanin cewa sunana da kalmar sirrina ba su dace ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ta tambaye ni komai ba kafin ta yanke wannan hukunci. Na sake dannawa, na kuma sake dannawa da ƙarfi, domin a zuciyata ina ganin taurin kai ne kawai irin na na'ura, kuma ni ma ba a bar ni a baya ba wajen taurin kai. Kafin a kira sallar Juma'a imel ɗina ma ya rufe.

Na kira injiniyanmu na Bauchi, yaro mai ladabi wanda na girme wa nesa ba kusa ba. Ya ce, "Yallaɓai, an kulle asusunka, wani yana ta gwada kalmar da ba daidai ba." Na ce lallai ɓarayin intanet ne, a ɗauki mataki. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a hankali, "Yallaɓai, daga kwamfutarka ne."

Bayaninsa shi ne kalmar sirri ta gaskiya tana zaune a sabar Active Directory, wato babbar na'urar da ke riƙe da asusun ma'aikata a hedikwata, kuma can na sauya ta. Ita kwamfutar tana riƙe da shaidar kalmar ƙarshe da na shiga da ita domin ta iya buɗewa ko babu intanet, kuma ba za ta san an sauya ba sai ta yi magana da sabar. VPN kuma yana da tasa ajiyar daban, tun ranar da na sa alama a akwatin tuna bayanan shiga, shi ya sa duk dannawar da nake yi tsohuwar kalma yake aikawa da sunana. Ya sa na shiga Settings, na bi Network & internet zuwa VPN, na buɗe Advanced options, na goge ajiyar da Clear sign-in info. Sannan ya ce akwai wata ma'ajiyar ta uku, Credential Manager, inda kalmomin manyan fayiloli na ofis suke kwance, ya karanto mini abin da zan rubuta:

```
cmdkey /list
cmdkey /delete:SUNAN-SABAR
```

Na goge duk wanda ke ɗauke da sunan sabar kamfani, shi kuma ya buɗe asusun. Muna cikin godiya da addu'a ya ce, "Yallaɓai, ya sake kullewa." Na rantse masa cewa hannuwana biyu suna kan cinyata. Ya duba rajistar sabar, inda kowace kullewa ke fitowa da lamba 4740 tare da sunan na'urar da gwajin ya fito, ya ga wannan karon ta sabar imel yake zuwa. Ya tambaye ni ko ina da wata waya. Na ce ɗaya ce tak, kuma na gyara ta. Sai da na koma gida da yamma na tarar da autata a kan tabarma da tsohuwar wayata, wadda na ba ta don wasan jera alewa, kuma manhajar imel tana nan a ciki tana aika tsohuwar kalma a kai a kai ba tare da gajiya ba. An sha kuka kafin a karɓe ta na cire imel ɗin, kuma uwargida ta tambaye ni ko kamfanin nan da ake ta yabo yarinya 'yar shekara biyar ce ta durƙusar da shi.

Ranar Litinin na zo da ƙwarin gwiwa, asusu a buɗe, ajiya a goge, sabuwar kalma a bakina. Na danna, sai lamba ta koma 786. Injiniya ya ce wannan ba maganar kalmar sirri ba ce ko kaɗan, domin irin VPN ɗinmu, L2TP a kan IPsec, kamar gidan mai mulki yake: mai gadi na bakin ƙofa yana duba katin shaidar kwamfutar, wato satifiket ɗinta, sai ka wuce shi sannan na ciki ya tambayi kalmarka. Ranar Juma'a na wuce na farko na maƙale a na biyu, yau kuwa ko zaure ban shiga ba. Ya fara sa ni duba kwanan wata da agogon kwamfutar, domin agogon da ya kauce yana iya sa satifiket mai rai ya zama kamar matacce. Agogo lafiya lau. Sai ya ce in rubuta:

```
certutil -store My
```

A layin NotAfter na ga ranar Asabar da ta wuce. Satifiket ɗin na shekara ɗaya ne, kuma ya zaɓi ya cika washegarin ranar da na yi kokawa da autata. Na tambaya me ya hana shi sabunta kansa. Ya ce yana fara neman sabuntawa tun saura mako shida, amma sabar da ke bayar da shi ba a kai mata ta VPN a tsarinmu, sai an jona kebul a hedikwata. Na ce, "Ɗana, ka turo mini sabo ta imel mana." Ya ce makullinsa a cikin kwamfutar ake ƙirƙirarsa, don haka ko dai ta zo, ko dai ta zo da ni.

Haka na shiga motar Bauchi da asuba, na rungume jaka a ƙirji, ta Alkaleri wani fasinja yana tambayata ko kuɗi ne a ciki. A hedikwata injiniya ya soka kebul, ya ce in kulle allon da maɓallin Windows da L, in buɗe da sabuwar kalma, kuma a nan ne kwamfutar ta amince da rasuwar tsohuwar. Ya rubuta `gpupdate /force`, ya bi da `certutil -pulse`, sabon satifiket ya sauko. Aikin duka bai kai lokacin da na ɗauka ina cin masa a bakin titi ba. Kafin in tafi ya zare kebul ɗin, ya sa na gwada VPN da datar wayata, domin gwaji daga cikin ofis ba ya nuna abin da zai faru a Gombe, kuma ya shiga.

Na dawo bayan la'asar na tarar da akantanmu, wanda ya yini yana yi mini dariya ranar Juma'a, ya dafe kai a gaban kwamfutarsa. Rana ɗaya aka raba mana kwamfutocin bara. Na leƙa allon na ga 786, na ja kujera na zauna, na ce masa, "Malam, motar farko tana tashi bayan sallar asuba, kuma ka nemi kujerar gaba."