Adadin da ka rubuta a takardar inshorar sito shi ne zai yi maka hukunci ranar gobara

Manoman shinkafa da yawa a Kebbi sun fara jin kalmar inshora ne ta hanyar bashin noma, musamman tun bayan da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, inda aka riƙa cire kuɗin inshorar daga cikin bashin. Abin da ba a cika bayyana wa mutane ba shi ne, irin wannan inshora ta amfanin da ke tsaye a gona ce, kuma galibi tana ƙarewa da girbi. Da zarar an casa shinkafa an ɗura ta a buhu an kai sito, to ta fita daga ƙarƙashinta. Hatsin da ke ajiye, da ginin siton, da injin casa da na ban-ruwa, duk suna buƙatar wata yarjejeniya dabam ta gobara da ta sata, ko daga hukumar inshorar noma ta NAIC ko daga wani kamfani mai lasisin NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora.

Ra'ayina shi ne, manomin da ya tara ɗaruruwan buhuna a wuri guda ya kamata ya yi wannan inshora, amma kada ya sa hannu sai ya fahimci sharaɗi guda da ke cikin kusan kowace takardar gobara. Sharaɗin yana cewa idan darajar kayan a ranar da asara ta auku ta fi adadin da ka rubuta, to ana ɗaukar cewa kai ne ka ɗauki nauyin abin da ya ɗoru a kai, don haka za a rage maka diyya gwargwadon wannan giɓi, ko da asarar ba ta kai adadin da ka rubuta ba.

Bari mu yi lissafi da farashin misali. Wani manomi a yankin Suru ya ajiye buhu 400 na shanshera a watan Disamba, lokacin da buhu yake naira 30,000, sai ya rubuta naira miliyan 12 a takarda, wadda ita ce gaskiyar darajar kayan a ranar. Zuwa watan Mayu buhu ya kai naira 40,000, ya kuma ƙara buhu 100 daga noman rani bai sanar da kamfani ba. Yanzu abin da ke sito buhu 500 ne, darajarsu miliyan 20. Sai wuta ta tashi ta cinye buhu 200, wato asarar miliyan 8. A tunaninsa tunda ya yi inshorar miliyan 12, ai miliyan 8 tana ciki, za a biya shi cif. Mai tantance asara kuwa zai ce miliyan 12 kashi 60 cikin 100 ne na miliyan 20, saboda haka haƙƙinsa kashi 60 na asarar ne, wato miliyan 4.8. Daga nan kuma a cire kason farko da takarda ta ɗora wa mai kaya a kowace asara. Idan kashi 10 ne, abin da zai shiga hannunsa naira miliyan 4.32 ne. Mutumin nan zai koma gida yana cewa an cuce shi, maƙwabtansa kuma su yi rantsuwa ba za su taɓa yin inshora ba, alhali abin yana rubuce tun ranar farko. Laifin da nake gani a nan na wakilan da ke karɓar kuɗi ne ba tare da sun yi wa manomi wannan lissafi da Hausa ba.

Hatsi ya fi kowace kadara faɗawa cikin wannan tarko, domin dalilin ajiye shi tun farko shi ne a jira farashi ya tashi, kuma yawansa a sito yana canzawa daga wata zuwa wata. Mafita biyu ce. Ko dai ka rubuta adadi bisa mafi yawan buhunan da za ka tara da farashin da kake sa ran sayarwa, ko ka nemi tsarin da ake ƙayyade adadi mafi girma sannan kana sanar da kamfani abin da ke sito kowane wata, a ƙarshen shekara a daidaita kuɗin bisa matsakaicin abin da ka ajiye. Na biyun ya fi dacewa da mai saye da sayarwa. Zuzuta adadi kuma ba ya kawo riba, domin idan farashi ya faɗi, darajar ranar gobara za a biya, ba abin da ka rubuta ba. Duk wannan ya dogara ne da shaida, shi ya sa littafin shiga da fitar buhuna, da rasit, da hotunan jerin kaya masu kwanan wata suke da nauyi, kuma bai kamata littafin ya kwana a cikin siton da ake tsoron ya ƙone ba.

Ita kanta gobarar ba kowace iri aka rufe ba. Shanshera da aka ɗura da danshi, wadda ba ta bushe zuwa kusan kashi 14 na laima ba, tana ɗaukar zafi a tsakiyar jeri, kuma takardar gobara ta asali ba ta biyan kayan da suka lalace saboda zafin da suka haifar da kansu. Wutar daji ta lokacin hunturu ma sau da yawa ƙari ce da sai an nema an rubuta. Rumbun ƙasa mai jinka kuwa, kamfani na iya ƙin karɓarsa ko ya tsawwala kuɗi, kuma wanda ya ajiye jarkokin fetur na injin ban-ruwa a ɗaki ɗaya da buhuna ba tare da ya faɗa ba, ya ba kamfani hujjar ƙin biya da hannunsa.

Batun sata ya fi tsauri. Abin da ake rufewa galibi shi ne fasa sito da ƙarfi, wato a ga an ɓalle kwaɗo ko an huda bango ko an yaye kwano. Idan mai gadi ko yaron gida ya buɗe da makulli yana zare buhu biyu-biyu, sai ranar ƙirga aka ga giɓi, wannan ba ya ciki. Injin ban-ruwa da aka bari a fadama ya kwana a fili shi ma ba ya ciki, tunda ba a fasa komai ba, sai idan an yi masa tasa yarjejeniyar. A rubuta lambar jikin kowane inji, a kuma sani cewa kuɗin tsohon inji za a biya, ba na sabo ba. Ga mutanen ƙasar Zuru da maƙwabtanmu na Zamfara akwai tambaya mafi girma: idan 'yan bindiga suka shigo gari suka kwashe hatsi ko suka cinna wa rumbuna wuta, fashi ne ko ta'addanci? Takardu da yawa sun cire ta'addanci da tarzoma daga abin da suke biya. A nemi amsar a rubuce kafin a biya ko kwabo, domin maganar baki ta wakili ba ta da amfani ranar neman diyya.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini yana da takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda don taimakon wanda asara ta same shi, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Sai dai tsarin asusun ne ya bambanta, lissafin asara bai canza ba: a can ma za a tambayi buhu nawa ke sito ranar da wuta ta tashi, a nemi rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, a kuma duba ko an sanar da su cikin wa'adin da takarda ta ƙayyade.