Yadda Taƙaita Bayanin Taro Ya Jefa Ni Cikin Kwata

Sakataren ƙungiyar unguwarmu a nan Garwa tsohon malamin makaranta ne, kuma ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. In ka yi tari a wurin taro zai rubuta cewa ka yi tari, ya ƙara da wanda ya ce maka sannu. Zaman da muka yi ranar Lahadi 23 ga Fabrairu 2025, ana gab da kama azumi, an fara shi bayan la'asar, aka tashi sallar magariba aka dawo, bai watse ba sai da aka kira isha'i. Shafi 17 ya ci a littafin Malam, rabi Hausa rabi Faransanci, da Fulatanci a wuraren da Mai Unguwa ya fusata.

Ni mataimakinsa ne, muƙamin da na samu don wayata tana riƙe caji. Washegari Shugaba ya aiko a kira ni, ya miƙo mini littafin ya ce, "Ɗana, wannan ba mai karanta shi. Ka tsamo mana abin da aka yanke, da wanda zai yi, da ranar da zai gama, ka tura a WhatsApp. Kada ya wuce fuskar waya ɗaya."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." A raina ina ganin aikin shan shayi ɗaya ne.

Da dare na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauki jan biro, na ce duk inda aka yanke magana zan ja layi. Shafi uku na farko addu'a ce, da gaisuwa, da sunayen mahalarta, da ta'aziyya. A shafi na 4 na ci karo da abin da nake nema: kuɗin wata-wata ya tashi zuwa sefa 1,000 kowane gida. Na ja layi har biro ya kusa huda takarda. Sai a shafi na 11 na tarar Hajiya shugabar mata ta tayar da maganar, ta ce gidajen zawarawa ba za su iya ba, aka yi ta kai-komo, Shugaba ya ce a ɗaga hannu, aka tsaya a kan 500. Dubu ɗayan nan ashe bakin mutum ɗaya ne, Alhaji mai goro, ya faɗa da ƙarfi, Malam kuwa ya rubuta da manyan baƙaƙe saboda ƙarfin muryar. Daga nan na ajiye biron, sai da na karanta littafin har ƙarshe kafin na sake jan wani layi. Abin da na riƙa nema shi ne wurin da Shugaba ya tambaya "an amince?" jama'a suka amsa, ko aka ƙirga hannu. Duk maganar da ba ta bi ta wannan ƙofa ba ra'ayi ce, ko da mai ita ya yi rantsuwa ya buga sanda a ƙasa.

Da na tace shafi 17 da wannan rariya, abu huɗu suka rage: kuɗin wata-wata, gyaran famfon rijiyar burtsatse da ke bayan masallaci, takardar da za a kai ofishin magajin gari kan juji, da yashe babbar kwata kafin ruwa ya sauka. Maganar awakin da ke cin shukar mutane ta cinye shafi biyu da rabi, ba a yanke komai a kanta ba, an dai zagi awakin.

Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Maigida, abin da ya hana ku cin tuwo da zafi ke nan? Layi huɗu?" Na ce mata ai maganar maza ce. Ta ce ta ga alama.

Wahalar ta fara ne da na zo cike gurbin wanda zai yi. Kuɗin wata-wata ba gardama, Ma'aji ne. Na famfo an rubuta "kwamitin ruwa zai duba". Kwamitin ruwa mutum biyar ne, kuma famfon nan tun kaka suke duba shi, duk wanda ya wuce sai ya dube shi. Aikin da aka ɗora wa mutum biyar, kowa yana jiran huɗun ne. Suna ɗaya nake so, wanda in ranar ta zo za a iya tsayawa a ƙofar gidansa a yi sallama. Na kira shugaban kwamitin na ce, "Baba Alhaji, sunanka zan sa." Ya ce a sa kwamiti. Na ce fuskar wayar ba za ta ɗauki suna biyar ba. Ya yi shiru, sannan ya ce to a sa, amma shi ba zai gyara famfo ba, mai gyara zai kawo. Na ce ai dama abin da ake nema ke nan. Kalmar "duba" ma na cire ta, don ba yadda za a yi a gane ko an gama dubawa. Na rubuta cewa zai kawo takardar lissafin kuɗin gyara daga hannun mai gyara. Takarda dai ko tana hannu ko ba ta hannu.

Ta ofishin magajin gari an ɗora wa wani ƙanenmu direba, wai shi ya san mutane a can. Na koma shafi na 2 na bi sunayen mahalarta, babu shi. A ranar yana kan hanyar Ngaundere da lodin albasa. Jama'a suna son ba wanda ba ya nan aiki, don shi kaɗai ne ba ya musu. Da na same shi a waya ya ce, "Yaya, wace takarda?" Sai da na karanta masa shafi guda kafin ya yarda, da sharaɗin ni zan rubuta ta da Faransanci, shi nasa kaiwa. Na ce ba komai. Ban lura ba cewa aiki ya fara gangarowa wajena.

Sai kwata. Abin da Malam ya rubuta, kuma haka aka faɗa, shi ne: "Za a yashe kwata bayan Sallah in Allah ya kai mu." Na juya shafin gaba da baya ina neman wanda zai yashe, babu. Kowa ya ɗaga hannu ya amince a yashe, ba wanda ya ce ni.

Ranar ma wata rigimar ce. Sallah biyu ne a gabanmu, ƙarama a ƙarshen Maris, babba a farkon Yuni, kuma ruwan Garwa ba ya jiran layya, a watan Mayu ya riga ya fara. In ƙarama ake nufi, za a yashe busasshiyar kwata. In babba ce, sai dai a yi iyo. Na tambayi Ma'aji ya ce ƙarama mana. Na tambayi Alhaji mai goro ya ce shi babba ya fahimta, wa zai shiga kwata cikin zafin Afrilu? Duk su biyun sun ɗaga hannu a kan jimla ɗaya. Ni kuma ba hurumina ba ne in zaɓa musu, mai taƙaitawa ba ya yanke abin da taro bai yanke ba. Na kwashi littafin na koma wurin Shugaba, ya ɗauko kalandar da ke rataye a zaure, ya ɗora yatsa a kan Asabar 12 ga Afrilu. Sauran ranakun ma a nan muka jera su, muna lura da wanda ke jiran wani: Ma'aji ba zai fitar da kuɗin famfo ba sai ya ga lissafi, don haka ranar lissafi ta riga ranar kuɗi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saura wanda zai jagoranci kwatar." Ya ce in bar gurbin a buɗe, in rubuta ƙarara cewa ba a naɗa kowa ba, wani zai ji kunya ya ɗauka. Ga abin da na tura:

1. Kuɗin wata-wata: sefa 500 kowane gida, daga watan Maris. Mai karɓa: Ma'aji, kafin 10 ga kowane wata.
2. Famfo: shugaban kwamitin ruwa zai kawo lissafin gyara ranar Juma'a 7 ga Maris. Ma'aji zai ba da kuɗi kafin Asabar 15 ga Maris in Shugaba ya sa hannu.
3. Takardar juji: mataimakin sakatare zai rubuta, direba zai kai ofishin magajin gari kafin Juma'a 14 ga Maris.
4. Yashe kwata: Asabar 12 ga Afrilu, bayan sallar asuba. Jagora: ba a naɗa ba tukuna.

A ƙasa na ƙara layi ɗaya: maganar awaki ba a yanke ba, sai zama na gaba. Cikakken bayani yana wurin Malam ga mai so.

Ban kai ga ajiye wayar ba ta fara kuka. Alhaji mai goro ya turo saƙon murya na minti shida. Ya ce shi ya yi jawabi a taron nan har sau uku, ya kawo tarihin unguwar tun lokacin da ba kwalta, amma yaro ya zauna ya goge shi kamar bai zo ba. Na kira shi na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, jawabinka yana nan a shafi na 4 da na 7 da na 13, ko wasali ba a taɓa ba." Ya ce to me ya hana a turo? Na ce takardar ta masu aiki ce, duk wanda sunansa ya fito a ciki akwai abin da zai yi da ranar da za a tambaye shi, in yana so gurbin kwata yana nan a buɗe. Ya ce a'a, a bar jawabin a littafi, can ya fi daraja.

Malam kansa bai yi mini magana ba sai da muka haɗu a masallaci. Ya riƙe hannuna ya ce, "Shafi goma sha bakwai, ɗana." Bai ƙara komai ba, ya sa takalminsa ya tafi.

Gurbin kwata kuwa ya zauna a buɗe har azumi ya raba. Kunyar da Shugaba ya yi hasashe ba ta kama kowa ba. Famfo ya gyaru, har mata suka daina zuwa unguwar maƙwabta da jarka, takardar juji ma ta isa inda aka aike ta. Kullum in na buɗe wayar sai in sake turo layi na huɗu, in rubuta a ƙasa, har yanzu ba jagora. Ashe ina haƙa wa kaina ne. Wani dare bayan asham, Liman ya rubuta cewa shi a ganinsa ba wanda maganar kwatar nan ta dama kamar Malam ƙarami, kullum ita ce a bakinsa. Hajiya ta ce wallahi gaskiya ne. Shugaba ya rubuta, "An amince?" Hannuwa suka yi ta sauka a fuskar wayar, har da na direba daga Ngaundere, har da na Alhaji mai goro, wanda ya turo guda uku.

Na nemi kafar da zan ce wannan ra'ayi ne ba hukunci ba, na rasa. Shugaba ya tambaya, jama'a sun amsa, an ƙirga hannu. Da yatsana na goge "ba a naɗa ba tukuna" na rubuta muƙamina.

Ranar 12 ga Afrilu na fito da shebur biyu da baro na aro. Samari bakwai suka zo, uku a cikinsu kallo ya kawo su. Kafin hantsi ya dubi ludayi ina tsaye cikin baƙin taɓo har gwiwa, ina fito da leda da takalma marasa 'yan'uwa da wani tsohon kan keken ɗinki. Ina ɗagowa na hangi Malam a gindin dalbejiya, zaune a kujerar roba, littafi a cinya, biro yana gudu. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, me ake rubutawa?" Ya ce bayanin aikin gayya, ya riga ya kai shafi na shida, in na yi wanka in biyo in karɓa, Shugaba yana son a taƙaita.