Mutum ɗaya ne ko tawaga? Abin da they ta jawo mana a gidan jego

Yau sati uku kenan abin nan yana ci na a rai, bari dai in rubuta in huta. Ina zaune a Manchester shekara ta tara kenan, kuma a layinmu akwai wata ƙanwarmu 'yar Katsina da ta haihu, mahaifiyarta ta zo mata zaman jego daga gida. Ga wanda bai san irin unguwannin nan ba, gidaje ne na jan bulo a jere bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci, babu zaure babu tsakar gida, ƙofa tana buɗewa kai tsaye kan titi, a jikinta akwai wata 'yar kafa da ake zuro wasiƙa. Watan Nuwamba ne, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya yi, ga yayyafin nan da ba ya tsayawa. Maƙwabciyarsu Baturiya ce mai kirki, amma irin kirkinsu na nan, ba za ta ƙwanƙwasa ta shigo barka ba, sai dai ta turo saƙo a waya alhali taku uku ne tsakanin ƙofofinsu.

Ran nan sun fita su duka, da suka dawo mai jego ta kwanta da zazzaɓi, mijin kuma yana aikin dare, sai saƙon maƙwabciyar ya shigo wayar. Hajiya ba ta jin Turanci, ta sa aka turo min hotonsa ta kira ni ta ce ɗan nan karanta min wannan. Ga abin da ke kan wayar:

Someone from the clinic came round, they said they'll be back Friday, they want to see the baby.

Ni kuma ina cikin bas, a gajiye, na ce Mama daga asibiti ne, sun zo ba su same ku ba, sun ce za su dawo ran Juma'a, suna so su ga jaririn. Ta yi shiru ta ce su nawa ne? Na ce ba a faɗa ba. Shikenan na kashe waya ban kawo komai a raina ba.

Ashe kwana biyu baiwar Allah nan ba ta runtsa ba. Tun kafin ta taso an cika mata kunne cewa a ƙasar Turawa hukuma tana ƙwace yara, sai ga ni na ce mata sun zo, za su dawo, suna son ganin jariri. A kunnen Bahaushe wannan tawaga ce. Ta ɓoye tukunyar ruwan wanka, ta zubar da kunun kanwa, ta hana 'yarta sanin komai don kada hankalinta ya tashi. Ran Juma'a aka ƙwanƙwasa, mace ɗaya ce tal da jaka da sikelin awon jarirai, irin ma'aikatan lafiyar nan da ke bin gida-gida bayan haihuwa, ta auna yaro ta rubuta a jan littafin da ake ba kowane jariri a nan, ta sha shayi ta tafi. Da na je gaisuwa Hajiya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ɗan nan ai da ka ce min mutum ɗaya ne. Wallahi gara ta zage ni.

A makaranta an koya mana he shi ne, she ita ce, they su ne, kuma a kan haka muka ci jarrabawa. Amma Bature a hirarsa ta yau da kullum yana amfani da they ga mutum guda idan bai san mace ne ko namiji ba, ko ya sani bai ga amfanin faɗa ba. Kuma ba sabon yayi ba ne yadda wasu ke zato, ana samun sa a rubuce tun ƙarni na 14. Abin da ke ruɗa mutum shi ne fi'ilin ba ya canzawa, they are suke cewa ko da mutum ɗaya ne, don haka babu wata alama a cikin jimlar kanta. Alamar tana baya. Sai ka koma ka duba wa aka ambata kafin a kawo they ɗin, in ka ga someone ko anyone, ko an ce wani aboki ko likita guda, toh kusan kullum mutum ɗaya ake nufi. A saƙon nan kalmar farko ma someone ce, tana gabana, na tsallake ta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Hausa tana da maganin wannan a hannu, kuma ya fi nasu tsafta. Da cewa na yi Mama an zo daga asibiti, an ce za a dawo ran Juma'a a duba jariri, da magana ta ƙare. An, aka, ana, ake, za a, a, layi ne guda cikakke na wakilin suna wanda aikinsa kenan, ya faɗi aiki ba tare da ya ce namiji ne ko mace ko ɗaya ko goma ba. Ana sallama. An kira ka a waya. Wa aka aiko? Yaro ɗan shekara uku a Kano ya iya wannan. Su kuwa sai da suka je suka ari kalmar jam'i suka ɗora mata kaya biyu, shi ya sa take tuntuɓe. Ba yau suka fara ba ma, you da suke ce wa mutum ɗaya asalinta ta jam'i ce, thou ce ta tilo suka bar ta ta mutu, yanzu ga su nan suna ƙara all ko guys a baya don a gane mutane da yawa ake nufi. Mu kai da ke da ku kowa yana wurinsa.

Amma ko an ɗin ma bai isa ba a wannan gida, nan ne na ƙara fahimtar abin. An zo bai ce tawaga ba, bai kuma ce mutum ɗaya ba, alhali someone ta faɗi ɗaya. Da na ce wani ya zo, na mai da shi namiji, Hajiya za ta sa mai jego ta lulluɓa, ta shirya tarbar baƙo a falo ba a ɗaki ba. Da na ce wata ta zo, na yi daidai amma da ka na faɗa. Abin da ya kamata shi ne in ce an aiko mutum ɗaya daga asibiti, ba a faɗi mace ko namiji ba, an ce za a dawo Juma'a. Ya fi tsawo, toh sai me. A wurinmu sanin wa zai shigo ɗakin mai jego ba ƙaramin bayani ba ne, ga Baturiyar da ta rubuta kuwa ko a jikinta.

Akwai kuma they ɗin da ake yi da gangan. A makarantun nan in yaro ya bugi ɗanka, malama ba za ta faɗi sunansa ba, za ta ce wani yaro ne daban, sannan ta ci gaba da they don kada ka gane ko wane ne. A nan in kana yi wa iyaye tafinta kada ka cike gurbin da ta bari. Ka ce an ture shi a filin wasa, an kuma yi wa wanda ya yi magana, sannan ka faɗa musu cewa malamar ce ta ƙi bayyanawa, don wanda ɗin ma a Hausa yana jan hankali zuwa namiji. In ka ce sun ture shi, uban zai ɗauka taron dangi aka yi wa ɗansa, gobe sai ofishin shugaban makaranta.

Na san za a ce mu ma muna da namu ɓoyon, gaskiya ne. An fasa kofi, an ce ka ce, duk mun san yadda ake fakewa a bayan an. Kuma in muna magana a kan kowa da kowa namiji muke ɗauka, kowa ya ɗauki takalminsa, in mutum ya ga dama, ko da mata ne cike da ɗakin. Sannan muna da jam'in girmamawa, matar da za ta ce sun fita tana nufin maigidanta shi kaɗai. Amma wannan ai kowa ya san da wa ake, ladabi ne, babu wanda ya taɓa kwana biyu ba barci saboda shi. Wannan jam'in ne ma ya sa nake shan wahala da nau'i na ƙarshe, mutanen da ke cewa kada a kira su he ko she sai they, wanda ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar a 2019. Akwai irinsu ɗaya a wurin aikina. In ina ba matata labarin aiki na ce sun ce, sai ta ɗauka wani dattijo nake girmamawa. Abin da nake yi shi ne in riƙa maimaita sunan ina haɗawa da an, in kuma ya zama dole in yi bayani sau ɗaya in wuce.

Haka abin yake in mata biyu suka haɗu a jimla ɗaya ana ta she da her, Bature yana jure wannan duhun ya ce ai za a gane daga zance. Mu ba ma barin sa haka, za mu ce ita uwar ta ce wa 'yar ita 'yar ce za ta je. Wannan 'yar ƙaramar ita ɗin da muke sa wa a gaban suna ita ce ke raba gardama, kuma duk mai fassara ya riƙe ta.

Daren da na dawo daga gaida Hajiya 'yata mai shekara bakwai tana waya da kakarta ta Kano, ina ji daga kicin ta ce mata kai ya ci abinci? Tsohuwa ta yi dariya ta amsa, ni kuwa sai na ajiye cokali. Yarinyar nan an haife ta a inda you ɗaya ta ishi kowa, ba ta jin bambancin ka da ki a kunnenta, malaminta ma in tana ba da labarinsa da Hausa yau ya ce gobe ta ce. Ina ta gyara mata tana ce min ai duk ɗaya ne Baba. Na fara lissafin kuɗin jirgi na hutun bazara, mu huɗu, ko sati shida ne ta zauna a tsakar gidan nan a wurin gwaggonninta.